Allon Zumurrudu da Da'awar Cewa Sama da Ƙasa Abu Ɗaya Ne

“Yadda yake a sama, haka yake a ƙasa” magana ce da ake jingina wa Harmisu, wanda Girkawa suka kira Hermes Trismegistus, wato Harmisu mai girma sau uku. Ba wani mutum ba ne da tarihi ya tabbatar da rayuwarsa. Sunan ya samo asali ne a Masar, lokacin da Girkawan da ke mulkin ƙasar suka haɗa abin bautarsu Hermes da Thoth, abin bautar Misirawa na rubutu da hikima. Daga baya wasu marubutan Musulmi, irin su Abu Ma'ashar al-Balkhi da ya rasu a 886, suka ce Harmisu na farko shi ne Annabi Idrisu. Wannan ra'ayin masana taurari da wasu masu tarihi ne, ba shi da nassi a Alƙur'ani.

Tushen maganar wani ɗan gajeren rubutu ne da bai cika shafi guda ba, ana kiransa Lauhul Zumurrud, wato Allon Zumurrudu. Duk da sunan Girkanci da aka liƙa masa, mafi daɗewar kwafin da aka sani da Larabci yake, a ƙarshen littafin Sirrul Khaliƙa, wanda aka tsara a ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9, aka jingina shi ga Balinasu, wato Apollonius mutumin Tyana. Littafin ya ba da labarin cewa Balinasu ya shiga wani kogo a ƙarƙashin gunkin Harmisu, ya tarar da wani tsoho zaune a kan karagar zinariya riƙe da allon. Rubutun ya sake bayyana a littattafan da ake dangantawa da Jabir ɗan Hayyanu da kuma Sirrul Asrar. A ƙarni na 12 aka mayar da shi Latin, daga nan ya bazu a Turai, har Isaac Newton ya fassara shi da hannunsa. Gajeruwar sigar da ake yawan ji a yau sabuwa ce, ta yi suna ne ta hanyar rubuce-rubucen Helena Blavatsky da littafin The Kybalion na 1908.

Tsohuwar sigar Larabci tana cewa na sama daga na ƙasa yake, na ƙasa kuma daga na sama. Sigar Latin da ta fi yaɗuwa kama kawai ta ambata tsakaninsu. Bambancin yana da nauyi, domin da'awar asali ta wuce kamanni. Tana cewa komai daga tushe guda ya fito, kuma akwai kai da komo tsakanin sassan biyu. Allon ya siffanta wani abu guda wanda rana ce ubansa, wata ne uwarsa, iska ta ɗauki cikinsa, ƙasa ta shayar da shi. Abin yana hawa daga ƙasa zuwa sama, ya sauko ɗauke da ƙarfin sassan biyu. Bai faɗi ko mene ne ba, shi ya sa kowane rukuni na masu sharhi ya karanta shi yadda ya dace da sana'arsa. Masu falsafa suka ga ɗan Adam a matsayin ƙaramar duniya mai ɗauke da tsarin babbar, masu taurari suka ga tasirin falaki a kan al'amuran mutane.

Waɗanda suka fi riƙe shi da gaske su ne masu alkimiya, tsohuwar sana'ar neman juya ƙarafa zuwa zinariya. Sun san taurari masu tafiya guda bakwai, har da rana da wata, sun kuma san ƙarafa bakwai, sai suka haɗa su bibbiyu. Zinariya ta rana ce, azurfa ta wata, baƙin ƙarfe na Mirrihu, jan ƙarfe na Zuhura, kuza ta Mushtari, dalma ta Zuhalu, zaiba kuma ta Uɗaridu. A koyarwar Jabir, duk ƙarafa daga kibiritu da zaiba suke samuwa a cikin ƙasa, ƙarƙashin tasirin taurari. Idan sassan biyu suna da tsabta kuma ma'auninsu ya daidaita, sai a sami zinariya. Idan akwai gurɓata, sai a tsaya a dalma ko kuza. Saboda haka dalma a wurinsu zinariya ce da ba ta nuna ba, aikin mai alkimiya kuwa shi ne ya yi a tukunyarsa cikin makonni abin da sama take yi a cikin dutse shekaru aru-aru.

Akwai gwajin da ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, kuma gwajin gaskiya ne. Idan aka niƙa zaiba da kibiritu tare, kusan kashi shida na zaiba ga kashi ɗaya na kibiritu a nauyi, ƙyallin zaibar yakan ɓace, a sami baƙin gari. Idan aka zuba garin a tukunya aka rufe, aka hura wuta mai ƙarfi, sai ya tashi ya zama tururi, ya manne a saman tukunyar inda ya fi sanyi. Da aka kankare shi aka niƙa, sai ya fito ja wur. Wanda ya karanta allon zai ga kamar ga fassararsa nan a fili: abu ya mutu ya yi baƙi, ya hau sama, ya dawo da sabon hali. Sai dai jan garin ba zinariya ba ne, kuma ba ya kan hanyar zama ita. Launin fenti ne da masu zane suka daɗe suna amfani da shi, kuma idan aka ƙona shi a buɗaɗɗiyar iska zaibar takan dawo yadda take. Tururinta guba ne mai lalata jijiyoyi. Da aka matsa wa masu alkimiya da wannan hujja, sai suka ce ai ba zaibar kasuwa suke nufi ba, ta masu hikima ce, wadda babu wanda ya taɓa nunawa. Da'awar da take gudu duk lokacin da aka zo auna ta ba ta da hanyar tabbata.

Tun kafin zamanin kimiyyar yau an yi musu. Ibn Sina ya ce ana iya rina ƙarfe ya yi kama da zinariya, amma ba a canja asalinsa. Ibn Khaldun ya ware babobi a Muƙaddima yana rushe alkimiya da duban taurari, malaman fiƙihu kuma sun yi hani ga jingina abin da ke faruwa ga tasirin taurari. Lissafin bakwai da bakwai ma ya wargaje. An gano ƙarafa da dama da ba su da tauraro, kuma a 1781 William Herschel ya hango Uranus, wadda ba ta da ƙarfe.

Wani yanki na tunanin ya tsira, amma ta wata ƙofa. Aristotle ya koyar da cewa sammai an yi su ne da wani sinadari dabam da na ƙasa. A 1687 Newton ya nuna da lissafi cewa ƙarfin da ke jawo dutse ƙasa shi ne yake riƙe da wata a falakinsa, kuma jan wata da rana ne ke kawo cika da janyewar teku. A 1868 aka ga alamar sinadarin hiliyam a hasken rana, a 1895 William Ramsay ya same shi a cikin ma'adinin ƙasa. Wannan ya tabbatar da cewa doka ɗaya da sinadarai iri ɗaya ne a sama da ƙasa. Bai tabbatar da cewa Mirrihu yana da wata alaƙa ta musamman da baƙin ƙarfe ba, ko cewa matsayin Zuhalu ranar haihuwar mutum yana tsara rabonsa.