Gyaran rubutu a Inkscape idan zubin haruffa ya ɓace, da lokacin da ya dace a mayar da rubutu zane

Ma'aikatan da ke shirya allunan karatun manya da Inkscape sukan gamu da wannan matsala: an tsara allo a Yamai, an aika shi Damagaram don a duba, da aka buɗe sai aka tarar rubutun ya sake kama. Layuka sun yi tsawo, wasu sun hau kan hoto, ƙ da ɗ sun bambanta da sauran haruffa. Fayil ɗin bai lalace ba. Abin da ya ɓace shi ne zubin haruffan, wato abin da kwamfuta ke kira police ko font.

Dalili kuwa shi ne, fayil na SVG da Inkscape ke ajiyewa ba ya ɗauke da zubin. Yana riƙe da kalmomin, da girmansu, da sunan zubin kawai. Idan kwamfutar da ta buɗe shi ba ta da zubi mai wannan suna, sai ta ari wani ta nuna rubutun da shi. Sunan asali yana nan cikin fayil, kuma ranar da fayil ya koma inda zubin yake, rubutun zai koma kamarsa ta farko.

Mu ɗauki misali. An yi allo mai girman A3, milimita 297 da 420, na darasin harafin ƙ, da zubin Andika, wanda ƙungiyar SIL ta ƙera musamman don masu koyon karatu. A sama an jera ƙa, ƙi, ƙu, ƙe, ƙo, a ƙasa kuma kalmomi kamar ƙafa da baƙi. Mai dubawa a Damagaram ba shi da Andika, ya kuma ga an rubuta baki inda ya kamata a sa baƙi.

Kafin ya taɓa kome, sai ya tabbatar da abin da ke gabansa. Ya danna T don ɗaukar kayan rubutu, ya danna cikin kalmar. Idan sandar rubutu ta bayyana, to rubutu ne da ake iya gyarawa. A sama zai ga sunan zubin, da alamar gargaɗi a gefensa idan babu shi a kwamfutar. Mai son gani da idonsa ya buɗe fayil ɗin da Shift+Ctrl+X, zai sami layi irin wannan:

```
font-family:Andika
```

Daga nan hanya mafi tsabta ita ce a nemo zubin a saka. Andika kyauta ne, kuma lasisinsa ya yarda a kwafa a ba wani. Bayan an saka shi a rufe Inkscape a sake buɗewa, don a lokacin tashi ne yake karanta jerin zubin da ke cikin kwamfuta. Mutane da yawa suna mance wannan, su yi zaton sakawar ce ba ta yi ba.

Idan zubin bai samu ba, gyaran harafi ɗaya yana yiwuwa duk da haka. Mai dubawa ya goge k, ya danna Ctrl+U, ya rubuta 0199, ya danna Enter, ƙ za ta fito. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ 01B4. Ya ajiye fayil ba tare da ya zaɓi wani zubi ba. Sai dai ya kame hannunsa daga gyaran tsari: kada ya rage girman rubutu, kada ya matsar da layin da ya hau hoto. Abin da yake gani aro ne. Idan ya daidaita allon da zubin aro, to a Yamai ne zai karkace.

Akwai lokacin da zubin asali ya tafi ke nan, sai a maye gurbinsa gaba ɗaya, a zaɓi rubutun a ba shi sabon zubi ta Shift+Ctrl+T, sannan a sake tsara allon. A nan nake roƙon a yi hattara, don ba kowane zubi ne ke da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Idan babu ƙ a cikinsa, Inkscape zai aro ta daga wani zubin, ta fito da kauri ko tsayi dabam a tsakiyar kalma. Ku gwada da layi ɗaya mai ɗauke da Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, ku faɗaɗa shi sosai ku duba. Ku duba siffar a da g ma. Andika yana zana su kusa da yadda malami ke rubutawa a allo, kuma dattijon da ya yi wata biyu yana koyo yakan tsaya cik idan ya ga a mai ƙugiya a kai, ya ɗauka baƙon harafi ne. Tsofaffin fayiloli na kafin yaɗuwar Unicode sun fi wuya: a wasunsu an ɓoye ƙ da ɗ a mazaunin wasu alamomi, to da zubin ya ɓace sai alamomin su fito fili. Waɗannan sai an sake buga haruffan daidai, sauya zubi kaɗai ba ya warkar da su.

Mayar da rubutu zane shi ne maganin da ake yawan ambatawa. A zaɓi rubutun, a shiga Chemin, a danna Objet en chemin, ko Path da Object to Path ga mai allon Ingilishi, ko kuma Shift+Ctrl+C. Kowane harafi zai zama siffa mai zaman kanta, kamar da'ira ko hoton tulu, ba ya bukatar wani zubi a ko'ina. Amma ya daina zama rubutu. Ba a iya goge harafi a buga wani, ba a iya neman kalma, kuma da an ajiye an rufe, babu komawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a wace kwamfuta aka yi wannan. Inkscape yana zana abin da yake nunawa ne a lokacin. Idan mai dubawa a Damagaram ya mayar da allon zane alhali babu Andika, zubin aro ne ya daskarar, da layin da ya hau hoto da ƙ ɗin da ta bambanta, kuma saka Andika daga baya ba zai sauya kome ba. Don haka aikin na kwamfutar da ke da zubin ne, bayan an gama duba rubutu, kuma a kan kwafi. Fayil na asali ya zauna da rubutunsa, a ajiye zubin tare da shi cikin jaka ɗaya. Wanda ya saba da buga umurni yana iya fitar da kwafin maɗaba'a ba tare da taɓa na asali ba:

```
inkscape allo.svg --export-text-to-path --export-filename=allo.pdf
```

Zane ya dace da tambari, da babban take, da allon da za a kai maɗaba'a ko wurin masu yanka haruffa a manna, inda ba ku san abin da ke cikin kwamfutarsu ba. Bai dace da allon da za a fassara zuwa Zabarmanci ko Fulatanci ba, ko wanda kwanan wata ke sauyawa a kansa kowace shekara. Takarda mai dogon rubutu ma gara a fitar da ita PDF da zubin a ƙunshe ciki, ta fi sauƙin nauyi a aika, kuma ana iya neman kalma a cikinta.

Idan kuwa abin da ya iso hannunku zane ne tun farko, ga kuskure a ciki, akwai ƴar dabara. Ku warware rukunin da Shift+Ctrl+G, ku nemi ƙ mai girma ɗaya a wata kalma ta allon, ku kwafe ta da Ctrl+D, ku goge k ɗin baki ku dasa ta a wurin, kuna riƙe da layin ƙasa daidai. Wannan na harafi ɗaya ko biyu ne. In jimla ce sukutum, ku nemi fayil na asali daga wanda ya tsara allon.