Gargaɗi ga Jama'ar Suleja: Tura Hoton Sirrin Wani Laifi Ne da Ake Ɗauri a Kansa

Jama'ar Suleja da Madalla da Kwamba da Maje, a yi hattara. Duk wanda hoton tsiraicin wani ko bidiyonsa ya shigo wayarsa, kada ya tura wa kowa, ko da da sunan "ku zo ku ga abin da duniya ta zama". Gargaɗin ya fi shafar masu gyaran waya da masu tura finafinai a Kasuwar IBB, da saurayin da aka rabu da shi, da tsohon miji, da kishiyar da ta samu wayar abokiyar zamanta a buɗe.

Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ce ke aiki a nan. Sashe na 24 ya ce wanda ya aika saƙon batsa da gangan ta kwamfuta ko intanet zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Dokar ba ta tambayar wa ya ɗauki hoton. Aikawar ita ce laifin, don haka "ni ma turo mini aka yi" ba ta wanke kowa. Kuma don mace ta aika wa mijinta ko saurayinta hoto da hannunta, shi ta ba ya gani, ba ta ba shi izinin nuna wa duniya ba.

Idan aka haɗa da barazana, wato "ki ba ni kuɗi ko in watsa", hukuncin ya hau: ɗaurin shekara 5, ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba, ko duka. Idan kuwa wanda ke cikin hoton bai cika shekara 18 ba, sashe na 23 ne zai hau kan mutum. Yaɗawa na iya jawo shekara 10, ajiye hoton a waya kaɗai ma na iya jawo shekara 5.

Kada wani ya ɗauka dokar a takarda ta tsaya. A 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Ado-Ekiti ta yanke wa wani mutum hukunci kan tsohuwar masoyiyarsa. Da suka ɓata, sai ya ce zai saki hotunan tsiraicinta. Ta roƙe shi ya goge, ya nemi naira 200,000, da kuɗin ba su samu ba ya ɗora hotunan a Facebook. Kotu ta ɗaure shi shekara 2, ta kuma ci shi tarar naira 500,000. A ganina ya samu sauƙi, domin shi ɗaurinsa yana da ranar ƙarewa, ita kuwa babu mai iya tattaro mata hotunan daga wayoyin da suka shiga. Mu a Arewa mun ga irin wannan tun 2007, lokacin da bidiyon wata 'yar fim ya fita daga waya guda ya game Kano, har hukuma ta dakatar da ɗaukar finafinai na wasu watanni.

Hirar WhatsApp da saƙon murya waɗanda ba na batsa ba, lissafinsu daban ne. Gyaran 2024 ya taƙaita sashe na 24, saboda haka ba kowane tonon asiri ne ke faɗawa ƙarƙashinsa ba. Amma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙun ɗan ƙasa da maganganunsa na tarho, kuma wanda aka zubar wa mutunci yana iya kai ƙarar ɓata suna ya nemi diyya, musamman idan an yanke hirar an juya ma'anarta.

'Yar'uwa, idan ke ake yi wa barazana, kada ki biya ko sisi, domin wanda ya karɓa yau zai dawo gobe. Kada kuma ki goge hirar don kunya, ita ce hujjarki. Ki ɗauki hoton fuskar waya yadda lambar mutumin, da kwanan wata, da lambar asusun bankin da ya turo za su fito, ki riƙe wayar kanta, don kotu na karɓar hujjar na'ura a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Ki samu babba guda da kika amince da shi ya raka ki ofishin 'yan sanda, ko Cibiyar Yaƙi da Laifuffukan Intanet ta 'yan sanda da ke Abuja, wadda ba ta da nisa da mu. Shafin StopNCII.org yana taimaka wa wanda ya cika shekara 18 ya toshe ɗora hoton a Facebook da Instagram da TikTok, ba tare da hoton ya bar wayarsa ba. Na yara kuma shi ne Take It Down.

Iyaye, idan 'yarku ta zo muku da wannan magana, a ajiye faɗa da duka tukuna, a kai rahoto a ranar.