Yadda Ake Kamo Ma'anar Baƙuwar Kalma Daga Cikin Jimla

Duk mai karatu, komai zurfin Hausarsa, yakan ci karo da kalmar da bai taɓa ji ba. Matashin da ya tashi a cikin birni, ya ɗauki littafi irin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, zai tarar da kalmomin fatauci da na tafiyar hamada waɗanda ba a jin su a unguwarsu. A nan mutane kan rabu biyu. Wani ya tsallake kalmar kamar bai gan ta ba, wani kuma ya tsaya cak, ya ce sai ya nemo ƙamus. Akwai hanya ta uku, wato a tambayi jimlar da kalmar ke ciki. Sai dai wannan tambaya tana da ƙa'ida, kuma amsar da ake samu tana da iyaka. Wanda bai san iyakar ba yakan tashi da ma'anar ƙarya, yana zaton ya ƙaru.

Bari mu gwada da jimlar da na ƙirƙira don wannan aiki: "Da rana ta take, madugu ya sa aka sauke salkar daga kan raƙumi, kowa ya sha, aka ɗaure bakinta aka ci gaba da tafiya." A ɗauka cewa mai karatu bai san salka ba.

Kafin a fara neman ma'ana, sai a fara duba irin aikin da kalmar ke yi a jimlar. An ce "aka sauke" ta, don haka suna ce, sunan abin da ake iya ɗauka a ajiye. Harafin "r" da ke ƙarshenta, da kuma "ta" ɗin da ke cikin "bakinta", sun nuna jinsin mace ne, kuma guda ɗaya ce. Wannan ƙaramin aiki ya riga ya kore zato da yawa, domin yanzu mun san ba aikatau ba ce, ba sifar madugu ba ce, ba kuma sunan wuri ba. Da yawa daga cikin kurakuran masu hasashe daga nan suke farawa: sukan ba kalma ma'anar aiki alhali suna ce, sai jimlar gaba ɗaya ta karkace.

Sannan a duba maƙwabtanta na kusa. Me aka yi da ita? An ɗora ta a kan raƙumi, an sauke ta lokacin zafin rana, mutane sun sha, tana da baki, kuma bakin ɗaure shi ake yi. Kalmar "sha" ta ce akwai abu mai ruwa a ciki. Kalmar "ɗaure" ta fi kowace muhimmanci, ita ce kuma mai gaggawa zai wuce bai lura ba. Tulu da randa rufe bakinsu ake yi, gora kuwa a toshe. Abin da ake ɗaure wa baki dole ya zama mai laushi, mai lanƙwasuwa. Ke nan mun kai ga cewa wani mazubin ruwa ne mai kama da jaka, na matafiya.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya, ya san abin da ya samu da abin da bai samu ba. Jimlar ba ta faɗi da me aka yi salka ba, ba ta faɗi girmanta ba. In aka ci gaba da karatu aka tarar da cewa, "Da suka isa zango sai suka ga ta tsage, aka kai wa baduku ya ɗinke ta," to yanzu an samu ragowar. Baduku fata yake ɗinkawa, don haka salka jakar ruwa ce ta fata. Haka ma take. Amma a lura, jimloli biyu ne suka haɗu kafin ma'anar ta cika, kuma sai da mai karatu ya san wane ne baduku.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. A cire kalmar, a sa abin da aka hasaso a gurbinta, a sake karantawa: "aka sauke jakar ruwan daga kan raƙumi, kowa ya sha, aka ɗaure bakinta." Ta zauna daidai, babu inda ta yi karo. Wannan tsari, daga duba ajin kalma zuwa gwajin musanya, shi ne kusan abin da masana biyu, Clarke da Nation, suka shimfiɗa a 1980 don masu koyon Turanci, kuma yana aiki a Hausa ba tare da wata matsala ba.

Ba kullum alamun ke ɓoye haka ba. Wani lokaci marubuci da kansa yake fassara kalmar, ya biyo ta da "wato" ko "ma'ana". Wani lokaci kuma kishiya ce ke tona asiri. In aka ce, "Da safe yakan yi wa mahaifinsa aiki a gandu, da yamma kuma ya wuce gayaunarsa," an jera abu biyu ne ana bambanta su. Gandu na gida ne, na kowa da kowa, don haka gayauna gona ce ta ƙashin kansa. Kalmomi irin "amma", "sai dai", "maimakon" da "kuma" su ne ke nuna inda za a nemi irin wannan alama. Akwai ma kalmomin da ba sa buƙatar dogon bincike. Wanda ya san "fari fat" da "baƙi ƙirin", in ya ga wata baƙuwar kalma ta biyo bayan sunan launi, ya san ƙarfafa launin take yi, ya wuce abinsa.

To, ina ake yin tuntuɓe?

Rami na farko shi ne jimlar da ke nuna hanyar da ba ita ba. A 1983 Isabel Beck da abokan aikinta sun kasa jimlolin da baƙuwar kalma ke fitowa a ciki gida huɗu: mai nuna ma'ana sarai, mai ba da haske kaɗan, wadda ba ta cewa komai, da mai ɓatarwa. Ga misalin ta ƙarshen: "Bakinsa kullum yabo ne da addu'a, duk wanda ya gamu da shi sai ya sha kirari. Garin nan kowa ya san shi da tumasanci." Wanda bai san kalmar ba zai ce ai ladabi ne, ko iya zama da mutane. Ya bi ƙa'ida, ya yi gwajin musanya, kuma jimlar ta karɓa. Amma tumasanci hali ne na yi wa mutum daɗin baki don a samu wani abu a hannunsa. Abin da zai ceci mai karatu shi ne ya riƙe hasashensa da sassauci, ya ci gaba. In jimla ta gaba ta ce, "shi ya sa attajirai ke ɓuya in sun hango shi," sai ya gane cewa ba a ɓuya wa mai ladabi, ya koma ya gyara. Alamar kuskure ke nan a ko da yaushe: labari ya fara cin karo da kansa. Matsalar ita ce mutane da yawa, in sun ga haka, sukan zargi marubucin maimakon su zargi hasashensu.

Rami na biyu ya fi wannan haɗari, domin kalmar ba ta zo da kamar baƙuwa ba. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa kalmomi daban-daban kan fito da sura ɗaya. Kowa ya san "saura" da ma'anar abin da ya rage. Amma in aka rubuta, "Bana ya koma ya share saurar kakansa ya shuka gero," ba ragowar kaka ake nufi ba. Dubi ƙarshen kalmar: ragowa "sauran" take ɗauka, wannan kuwa "saurar" ce, kuma an share ta an yi shuka. Gona ce da aka bari ta daɗe ba a noma ba. Haka nan Bakano da ya karanta labari daga Damagaram ko Maraɗi ya ga an ce, "Mushe ya shigo aji, yara suka miƙe tsaye," in ya tsaya a kan abin da ya sani zai ruɗe. A Nijar ana kiran malamin makarantar boko mushe, kalmar da aka aro daga Faransanci. Matacciyar dabba ba ta shiga aji a miƙe mata, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

Ginin kalma yana taimakawa, amma a ajiye shi sai ƙarshe. Gaskiya ne cewa "ma" a farkon kalma yakan nuna wuri, ko kayan aiki, ko mai yin aikin, kamar masussuka da mabuɗi da maɗinki. Wanda ya fara da nan kuwa zai iya cewa madara wurin buga dara ce, sannan ya tilasta wa jimlar ta yarda da shi. A bar jimla ta fara magana, ginin kalma ya zo ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Akwai kuma sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Hasashe yana yiwuwa ne idan mutum ya san kusan dukkan sauran kalmomin. Da a ce mai karatun nan bai san madugu ba, bai san zango ba, bai san baduku ba, da babu abin da zai dafa ya kai ga salka. Binciken da Hu da Nation suka wallafa a 2000 ya nuna cewa mai karanta labari shi kaɗai yana buƙatar sanin wajen kashi 98 cikin ɗari na kalmomin kafin ya fahimta yadda ya kamata, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin. Don haka malamin da ya miƙa wa ɗalibi shafin Turanci mai baƙin kalmomi uku a kowane layi, ya ce masa ya gane daga jimla, bai yi masa adalci ba. Littafin ne ya fi ƙarfin yaron, maganin kuwa a ba shi wanda ya fi sauƙi.

A ganina, a labari da jarida hasashe ya wadatar, musamman in kalmar sau ɗaya ta fito kuma zaren maganar bai dogara da ita ba. In ta yi ta maimaituwa, ko hasashe ya ƙi zama, a duba ƙamus, ko na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, ko a tambayi wani dattijo. Amma takardar magani, da yarjejeniyar filin gona ko ta bashi, da takardar kotu, da hukuncin addini, ba wurin hasashe ba ne. In ka ga kalmar da ba ka sani ba a irin waɗannan, kada ka sha, kada ka sa hannu, sai ka tambayi wanda ya sani.