Bambancin mai ba da shawara da mai tsaya wa mutum a kasuwa da ofis

A Kantin Kwari da ke Kano ba a rasa yaron shagon da ya shekara goma yana aiki, ya san atamfa da shadda ciki da bai, yana kuma da dattijon da ke zaunar da shi yana koya masa dabarun ciniki, amma har yau ba shi da dilan da zai ba shi kaya bashi. Irin wannan ake gani a ma'aikatun gwamnati: ma'aikaci yana da manya da yawa masu yi masa nasiha, sai dai duk lokacin da aka tashi kafa kwamiti ko tura mutum kwas, sunansa ba ya fitowa. Dukansu biyu suna da masu ba su shawara. Abin da suka rasa shi ne mai tsaya musu.

Mai ba da shawara yana magana ne da mutum a gabansa. Yana nuna masa kuskurensa, yana gaya masa yadda ake rubuta takarda zuwa ga babban sakatare, ko yadda ake gane yadin da zai zuba a wanki. Abin da yake kashewa lokacinsa ne, kuma idan wanda ya koyar ya gaza, ba wanda zai tuhume shi. Mai tsayawa kuwa yana magana ne a kan mutum a bayan idonsa, a wurin da ake yanke hukunci, kuma abin da yake jinginarwa sunansa ne. Idan wanda ya tsaya wa ya ci amana, shi za a nema. Daga nan sauran bambance-bambancen suke fitowa. Ana iya samun shawara daga abokin aiki, ko daga wanda ya yi ritaya, ko ma daga ƙane. Tsayawa kuwa sai wanda ke da kujera a inda ake rabon, wanda kuma ake jin maganarsa a can.

A Turai da Amurka wannan batu ya yi tashe ne bayan wata maƙala da Herminia Ibarra da abokan aikinta suka buga a mujallar kasuwanci ta Harvard a 2010, inda suka nuna cewa mata a manyan kamfanoni suna samun masu ba da shawara sosai, amma ba su cika samun masu tura sunansu gaba ba, shi ya sa maza ke rigan su ƙarin girma. Sai dai fataken Hausa sun daɗe da sanin abin. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo da ke Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu ke tafiya a kan bashi: bafatake daga Arewa yana sauka wurin mai gida, ana sayar da shanunsa ga mahautan gari ba tare da an biya nan take ba, mai gidan ne ke lamunce kuɗin. Bafataken bai san mahaucin ba, mai gida ya sani. Wannan lamunin shi ne ainihin tsayawa.

A ɗauki misalin yaron shagon nan. Yana so dila ya ba shi atamfa ta naira miliyan 2, ya biya cikin kwana 30. Dilan bai san shi ba, amma ya san wani Alhaji da suka shekara da shekaru suna hulɗa. Idan Alhajin ya ce a ba shi, kuɗin suna wuyansa. Saboda haka kafin ya buɗe baki yana auna abu biyu: ko yaron zai iya sayar da kayan, da kuma ko zai faɗi gaskiya idan ciniki ya tsaya. Na biyun ya fi nauyi a wurinsa, domin asara abu ce da kowane ɗan kasuwa ya sani, amma ɓuya da kashe waya su ne ke zubar da mutuncin mai lamuni.

To yaya Alhajin zai san amsa? Daga ƙananan abubuwan da ya gani da idonsa. An aiki yaron banki da kuɗi, ya dawo da rasit da canji ba a tambaya ba. An bar masa shago mako guda, lissafi ya fito daidai. An ba shi turmi 20, ya ce zai biya ranar Alhamis, ya biya ranar Laraba. Sannan, wanda ya fi duka, wata rana kuɗin ba su cika ba, sai ya zo tun kwana uku kafin wa'adi ya ce ga abin da ke hannu, ga abin da ya rage, ga ranar da zai cike. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan rana a matsayin ranar kunya. A wurin mai lamuni ita ce ranar da ya gane cewa ba zai taɓa jin labarin matsala daga bakin dila ba kafin ya ji daga bakin yaronsa.

Sai batun roƙo. "Alhaji, a taimaka mini" ba ya ba babba abin da zai kama, yawanci addu'a da nasiha yake jawowa. Roƙon da ke aiki shi ne mai suna da adadi: wane dila, kaya na nawa, kwana nawa, su waye masu sayen. Ya fi kyau kuma a fara da abin da in ya ɓaci mai lamunin zai iya ɗauka ba tare da ya ji jiki ba.

A aikin gwamnatin tarayya tsayawa tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Ƙarin girma yana da ƙa'ida: shekara 3 a kan mataki ga masu matakin albashi na 7 zuwa 14, shekara 4 daga mataki na 15, ga jarrabawa, ga kuma samuwar gurbi. Darakta mai mutunci ba zai tsallake wannan ba. Inda maganarsa ke tasiri shi ne wanda za a ba sakataren kwamiti, wanda za a tura kwas, wanda zai gabatar da rahoto a gaban babban sakatare. Ma'aikacin da ke shirya wa darakta bayanin taro mai tsabta, wanda alƙalumansa ba su taɓa kunyata shi ba, shi ne sunan da ke zuwa bakinsa. Wanda aikinsa ke wucewa ta hannu uku kafin ya isa sama da sunan wani, komai ƙwazonsa, babu abin da za a tsaya masa a kai.

Akwai kuma wanda ke kama da mai tsayawa alhali ba shi ba ne. Ana gane shi da abin da yake nema. Mai tsayawa na gaskiya sakamako yake so, domin nasarar yaronsa tana ƙara masa daraja. Ɗayan kuwa yana son rakiya, da kawo tsegumi, da sa hannu a takardar da bai kamata ba, kuma shekaru suna wucewa bai taɓa ambaton sunan yaron a gaban wani ba. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: ko an taɓa samun kira daga baƙo da ya ce wane ne ya ba shi lambar?

Ko da an dace da na gaskiya, dogaro da mutum ɗaya yana da haɗari. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, ana kuma sauya wa daraktoci ma'aikata, kuma wanda aka sani da yaron wane kaɗai yakan shiga sanyi ranar da wanen ya tafi. A kasuwa ma haka: idan dila ya ba da kaya sau uku saboda Alhaji, aka biya sau uku a kan lokaci, karo na huɗu ya kamata yaron ya je shi kaɗai, da sanin Alhajin, ya nemi a buɗe masa shafi da sunansa a littafin bashi.