Wasiƙar Kawu: Ajiya Daban, Jari Daban

Wani saurayi da ya fara aiki a Kano ya nuna mini wasiƙar da kawunsa ya rubuto masa kafin albashin farko ya shigo. Na ga ta cancanci a karanta, domin da yawanmu mun ɗauka duk kuɗin da ba mu kashe ba suna ɗaya gare su.

"Ɗana, bayan gaisuwa," in ji kawun, "ka ce albashinka naira 150,000 ne. Ranar da ya shigo, cire 30,000 kafin ka sayi ko katin waya. Wannan ita ce ajiya, kuɗin da za ka iya cirowa cikin dare in ciwo ya taso ko albashi ya makara. Ba riba ake nema da ita ba. Kana kashe 120,000 a wata, don haka tara na wata uku, wato 360,000. Shekara guda cur za ta ɗauke ka. Ka sa su a banki mai lasisi, domin hukumar NDIC tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya durƙushe."

Sai dai ajiya tana da garar da ke cin ta. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kusa kashi 35 cikin ɗari. Wanda ya ɓoye 100,000 shekara guda kafin nan, ya tarar ba ta saya masa fiye da kayan 75,000 na da. Shi ya sa kawun ya ce in ajiyar ta cika, abin da ya biyo baya a juya shi.

"Ɗauki kiwon rago. Ka saya 120,000 saura wata huɗu Layya. Dusa, harawa da ƙowa su ci 60,000, magani 5,000. In ka sayar 230,000 ka ci ribar 45,000. Amma rago yana mutuwa, kuma kasuwa tana faɗuwa ranar jajibere in dabbobi sun yi yawa. Mafi ciwo shi ne a kwantar da mahaifiyarka a asibiti a wata na biyu, ba ka da ajiya, ka ja shi kara ka sayar yadda dillali ya ga dama."

Nan ne, a ganina, zuciyar wasiƙar take. Jarin da babu ajiya a bayansa, lalura ce ke yanka masa farashi.

Ya kuma ambata masa sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, ga mai gudun kuɗin ruwa. Adashe kuwa, ya ce, ajiya ce, tunda abin da ka zuba shi za ka kwasa.

"Duk wanda ya ce zai ba ka kashi 30 a wata babu asara, tuna yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016. Tambaye shi me yake sayarwa, sannan ka duba ko yana da rajista da hukumar SEC. Ka gaishe da mahaifiyarka. Naka, Kawu."