Katin Baƙo: Abin da Ya Kamata Masauki a Kano Ya Rubuta wa Mai Zuwa

Ɗan gari ba ya tsayawa tunanin yadda ake tare adaidaita sahu, ko wace Asabar ce ba a fita da safe. Ya sani, kamar yadda ya san hanyar gidansu. Baƙo kuwa, ko da idonsa ya kai na mujiya, makaho ne a garin da ba nasa ba. Domin cike wannan giɓi ne otal-otal da gidajen saukar baƙi suke ajiye ɗan kati a kan teburin ɗaki, ko su miƙa shi tare da makulli. Katin kirki yana ɗauke da abu huɗu: abin hawa, kiyaye kai a hanya, lambobin neman agaji, da al'adar tukuici.

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ya taso daga Maraɗi zai sari atamfa a Kantin Kwari, ya sauka a wani masauki a unguwar Nasarawa. Me yake bukata ya karanta kafin ya sa ƙafa waje?

Na farko, ya san cewa abin hawan da ya saba tarewa a gida, wato kabu-kabu na babur, ba shi zai nema ba. Gwamnatin Kano ta hana acaba a cikin birni tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu ne ya gaji aikin, kuma hawansa iri biyu ne. Akwai na haɗaka, inda direba yake ɗauka yana saukewa a kan hanyarsa, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Akwai kuma shata, inda mutum ya ɗauki abin hawan shi kaɗai har ƙofar inda za shi. Yawancin rigimar baƙo da direba daga nan take tashi: baƙo ya shiga yana zaton haɗaka ce, direba ya ga bai ce komai ba ya ɗauka shata ce, sai an isa a fara cacar baki. Layi ɗaya a kati ya isa ya kashe wannan wuta: “Kafin ka shiga, faɗi inda za ka, ka ce shata ko haɗaka, ku yi ciniki.”

Wasu masaukai suna rubuta kuɗin mota, kuma yin hakan yana da amfani idan an sa kwanan wata a gefe. Duk katin da aka buga kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin da ke kansa ya zama labari. Dabarar da ta fi ita ce a bar gurbin kuɗin babu komai, a riƙa cikewa da biro duk wata: daga masauki zuwa Kwari kaza, zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano kaza, zuwa tashar Unguwa Uku kaza.

Sai batun lokaci, wanda shi ne baƙo ba zai taɓa ganewa da kansa ba. A Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Wanda yake da jirgi a ranar, gara ya ji tun daren Juma'a. Ranar Juma'a kuma, da azahar ta gabato, sahun masallata yakan cika titunan da ke kewaye da manyan masallatai. A watan Yulin 2022 gwamnati ta hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Irin wannan doka takan tsananta, takan kuma sassauta, saboda haka aikin mai masauki ne ya rubuta yadda ake ciki a yau, ya kuma ƙara da lambar direban da ya amince da shi domin mai fitar asuba.

A ɓangaren kiyaye kai, kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta “a yi hattara” a tsaya nan. Hattara da me? Ɗaya daga cikin matsalolin da mutanen Kano suke kokawa da su ita ce ƙwacen waya, don haka a faɗa wa baƙo ƙarara: kada ya riƙa latsa waya a gefen adaidaita da ke buɗe, musamman a cunkoso ko bayan magariba. Ya dubi lambar da ke jikin abin hawan kafin ya shiga. In tafiyar wani gari ce, ya shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunayen fasinja, ya guji ta bakin hanya ko da ta fi araha. Ɗan kasuwarmu kuma kada ya ƙirga kuɗin sari a bainar jama'a. Adireshin masaukin shi ma a rubuta shi yadda direba zai gane. Ba kasafai direba yake sanin lambar gida ba. Shataletale ya sani, da gidan mai, da masallaci, da kwana ta nawa.

Lambobin agaji su ne ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe. A Nijar, baƙonmu ya saba da 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana, amma waɗannan ba su ne na Najeriya ba. A nan lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, ko babu kuɗi a waya. Hukumar kiyaye haɗurra tana da 122 domin hatsarin mota. Sai dai layi yakan ƙi shiga, don haka a ƙara da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ta teburin karɓar baƙi wadda ake ɗauka dare da rana, da sunan asibitin da za a nufa, kamar na Murtala a cikin gari ko na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Duk lambar da ke kati, wani ma'aikaci ya kira ta sau ɗaya a wata ya ji an ɗauka. Lambar da ta mutu ta fi rashin lamba muni, domin tana cinye wa mutum mintunan da ba shi da su.

Tukuici shi ne abin da baƙo yake jin nauyin tambaya. A Kano ba dole ba ne, ihsani ne. Ba a ƙara wa direban adaidaita komai a kan abin da aka daidaita, sai in ya yi jira ko ya taya sauke kaya. Ɗan dako a Kwari ladan aikinsa yake karɓa, kuma ana yanke shi kafin ya ɗora dila a ka. A gidan abinci na otal, baƙo ya fara duba rasit. Idan ya ci na naira 20,000, aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wato 1,500, sannan aka ƙara kuɗin hidima kashi 10, wato 2,000, jimilla 23,500, to an riga an cire na ma'aikata, abin da ya ƙara alheri ne kawai. Mai gadi da mai gyaran ɗaki ana ba su na goro ranar tafiya, a naɗe, da hannun dama, ba tare da shela ba. Kati ya kuma faɗa cewa ma'aikacin gwamnati da ke bakin aiki ba ya cikin wannan lissafi, domin abin da aka ba shi sunansa daban.

Duk wannan ya shiga gaba da bayan kati ɗaya da zai zauna a aljihun riga, da Hausa da Turanci, da Faransanci ma in masaukin yana samun mutanen Nijar, Chadi ko Kamaru. Wanda ya fi haka tsawo a ɗaki za a bar shi, alhali a kan titi ake bukatarsa. Mai masauki da ke son gwada nasa, ya ba wanda bai taɓa zuwa Kano ba, ya ce ya je Kwari ya dawo. Duk tambayar da mutumin ya tsaya yi a hanya, ita ce layin da za a ƙara.