Me Ya Sa Ma'aikata Ke Komawa Tsohuwar Hanya?

Idan asibiti ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kuskuren da shugabanni suka fi yi shi ne gaggauta shirya horo. Tsarin ADKAR, wanda Jeff Hiatt na kamfanin Prosci ya ƙirƙiro, ya sa horo a mataki na 3 cikin 5. Kafinsa, sai ma'aikaci ya san dalilin canjin, kuma ya so shi. Bayansa akwai iya aikin a aikace, sannan ƙarfafa gwiwa.

Ana ba kowane mataki maki 1 zuwa 5. Matakin farko da ya sami 3 ko ƙasa, nan cikas yake. Ma'aikaciyar jinyar da ta iya kwamfuta amma take ɓoye tsohon littafin rajista a aljihun tebur, ba ƙarin horo take buƙata ba. Sai shugabanta ya zauna da ita, ya ji abin da take tsoro.